Hutu da Iyakar Sa'o'in Aiki ga Masu Aikin Karɓa-karɓa: Nazarin Sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin tanadin da Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta yi game da hutu da tsawon lokacin aiki, ta kuma auna shi da yanayin rukuni biyu na ma'aikata waɗanda aikinsu ba ya tsayawa dare da rana, wato masu gadi da ma'aikatan jinya. An bi sashe na 13 na dokar daki-daki, sannan aka ɗora shi a kan jadawalin aiki iri biyu domin a ga abin da yake hanawa da abin da yake bari. Nazarin ya nuna cewa dokar ta tanadi hutun sa'a ɗaya a cikin yini da hutun sa'o'i 24 a cikin mako, amma ba ta sa iyaka ga yawan sa'o'in mako ba, ba ta kuma faɗi tazarar da za a bari tsakanin tashi daga aiki da komawa ba. Sakamakon haka, jadawalin sa'o'i 72 a mako yana iya tsallake dokar ba tare da ya saɓa mata ba. An kwatanta wannan da dokar ƙasar Gana, wadda ta toshe giɓin guda biyu.

1.0 Gabatarwa

Aikin karɓa-karɓa shi ne tsarin da ake raba yini gida biyu ko uku, wani ma'aikaci ya tashi wani ya karɓe shi, saboda wurin aikin ba ya yiwuwa a bar shi babu kowa. Ƙofar banki tana bukatar mai tsaro da tsakar dare kamar yadda take bukatarsa da hantsi, haka ma ɗakin da aka kwantar da majinyata. A bakin ma'aikatan kansu, kowane kaso na wannan aiki duti ne, shi ya sa ake jin dutin safe da dutin yamma da dutin dare. Takardar da ke nuna wanda zai hau da wanda zai sauka kuwa ita ce rosta.

Matsalar irin wannan aiki ta lissafi ce kafin ta zama ta shari'a. Mako yana da sa'o'i 168, kuma dole a sami mutum a wurin a cikin kowace ɗaya daga cikinsu. Duk lokacin da aka rage yawan ma'aikata, sa'o'in ba sa raguwa, sai dai su taru a kan waɗanda suka rage. Saboda haka ne tun a shekarar 1919 yarjejeniya ta farko da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar ta kasance a kan lokacin aiki, inda ta tsayar da sa'o'i 8 a yini da 48 a mako ga ma'aikatan masana'antu. Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da suka rattaba hannu a kan wannan yarjejeniya, don haka abin dogaro a cikin gida shi ne Dokar Ƙwadago, wadda ta samo asali tun farkon shekarun 1970, take kuma Babi na L1 a kundin Dokokin Tarayyar Nijeriya na 2004. Manufar wannan maƙala ita ce fayyace abin da sashe na 13 na wannan doka ya ce, da wanda ya shafa, da kuma inda ya tsaya.

2.0 Abin da Sashe na 13 Ya Tanada

2.1 Sa'o'in Aiki

Mutane da yawa sun ɗauka cewa doka ce ta tsayar da sa'o'i 8 a yini da 40 a mako a Nijeriya. Wannan al'ada ce da ta kafu a ofisoshin gwamnati da manyan kamfanoni, amma sashe na 13 bai ambaci wani adadi ba. Abin da ya ce shi ne, sa'o'in aiki na yau da kullum su ne waɗanda aka tsayar ta ɗaya daga cikin hanyoyi uku. Hanya ta farko ita ce yarjejeniya tsakanin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki. Ta biyu ita ce yarjejeniyar da ƙungiyar ma'aikata ta ƙulla a madadin 'ya'yanta. Ta uku kuwa ita ce shawarar kwamitin tsayar da albashi na masana'antu, a wurin da babu ƙungiyar da za ta yi ciniki. Duk abin da ma'aikaci ya yi sama da sa'o'in da aka tsayar, shi ne aikin ƙarin lokaci, wanda ma'aikata ke kira obataim.

Abubuwa biyu ne suka biyo bayan wannan tsari. Da fari, idan takardar ɗaukar aiki ta ce dutin maigadi sa'o'i 12 ne, to sa'o'i 12 ɗin nan su ne aikinsa na yau da kullum a idon doka, kuma babu obataim a cikinsu. Na biyu, sashen bai faɗi farashin obataim ba, bai kuma sa iyaka ga yawansa ba. Ke nan nauyin kare ma'aikaci ya koma kan takardar da ya sa wa hannu. Shi ya sa sashe na 7 na dokar yake da amfani a nan, domin ya wajabta wa mai ba da aiki ya ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa, har da sa'o'in aiki, kafin cikar wata uku da fara aiki. Ma'aikacin da ba shi da wannan takarda zai sha wuya kafin ya nuna inda aikinsa na yau da kullum ya ƙare, obataim ya fara.

2.2 Ire-iren Hutu

Kalmar hutu a Hausa tana ɗaukar ma'anoni da yawa, tun daga ɗan zama a inuwa har zuwa hutun shekara. Sashe na 13 ya rarrabe abubuwa huɗu waɗanda dukkansu za a iya kiran su hutu, kuma kowanne da hukuncinsa. Sunayen da aka ba su a nan fassara ce ta ma'ana.

Na farko shi ne hutun tsakiyar aiki. Idan ma'aikaci zai yi sa'o'i 6 ko fiye a yini, wajibi ne a katse aikin da hutu, sau ɗaya ko fiye, wanda jimillarsa ba za ta gaza sa'a ɗaya ba. Dokar ta gindaya sharuɗɗa uku kafin a kira abu da wannan suna: a san tsawonsa tun kafin lokacin, ma'aikaci ya kasance yana da ikon yin abin da ya ga dama da lokacin, kuma kada a tilasta masa zama a wurin aikin. Wanda aka ce ya huta amma kada ya bar bakin ƙofa, bai sami wannan hutu ba.

Na biyu shi ne lokacin cin abinci. Dokar ta yarda cewa idan yanayin aikin ya sa ba makawa, ana iya musanya hutun tsakiyar aiki da lokacin cin abinci a wurin aikin ko kusa da shi. Ba ta faɗi tsawon wannan lokaci ba. Ta kuma yarda a jingine hutun idan wani abu na ba-zata ya taso.

Na uku shi ne ɗan sararawa, wato gajeren katsewa da ake tsarawa ga mai aikin da ke bukatar tattara hankali ko ƙarfi ba ƙaƙƙautawa, domin ya ɗan janye daga aikin. Dokar ta bayyana cewa ba a lissafa shi a cikin sa'a ɗayan nan ta hutun tsakiyar aiki.

Na huɗu shi ne hutun mako. A cikin kowane kwana bakwai, ma'aikaci yana da haƙƙin hutun yini guda wanda bai gaza sa'o'i 24 a jere ba. Idan an tauye shi, sai a rama masa da hutu cikin kwana 14, ko kuma a biya shi kuɗi a farashin obataim. Wannan zaɓi na ƙarshe yana nufin ana iya sayen hutun mako da kuɗi, mako bayan mako, ba tare da an karya doka ba.

Akwai hutu na biyar da sashen bai ambata ba, wato tazarar da ke tsakanin tashi daga duti da hawa na gaba. Ga mai aikin ofis wannan ba matsala ba ce, domin dare yana raba masa yau da gobe. Mai aikin karɓa-karɓa kuwa rosta ce kaɗai ke raba masa, kuma a nan ne yawancin gajiyarsa take taruwa.

3.0 Wane ne Ma'aikaci a Idon Dokar?

Kafin mutum ya nemi haƙƙi a ƙarƙashin sashe na 13, sai ya shiga cikin ma'anar da sashe na 91 ya ba kalmar ma'aikaci. Ma'anar ta fi karkata ga masu aikin ƙarfi da na akawu, kuma ta fitar da wasu rukunai a fili. Biyu daga cikinsu sun shafi wannan nazari.

Rukuni na farko shi ne masu gudanar da aikin mulki ko na zartarwa ko na fasaha ko na ƙwararru, a gwamnati suke ko a wani wuri. Nas ɗin da ta yi karatu, ta ci jarrabawa, ta kuma sami lasisi daga hukumar kula da aikin jinya da ungozoma, ƙwararriya ce, don haka akwai hujja mai ƙarfi cewa sashe na 13 bai rufe ta ba. Abin da ke tsara lokacin aikinta shi ne takardar ɗaukar aiki, da ƙa'idojin aikin gwamnati idan a asibitin gwamnati take, da kuma abin da ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta cim ma da hukuma. A asibitocin gwamnati ana biyan alawus na aikin karɓa-karɓa, sai dai alawus diyya ce ta wahala, ba ya rage ko sa'a ɗaya daga cikin aikin.

Rukuni na biyu shi ne wanda aka ɗauka aiki ba don harkar kasuwancin mai ɗaukarsa ba. Maigadin da kamfanin tsaro ya ɗauka ya tura banki yana cikin ma'anar ma'aikaci, tun da gadi shi ne kasuwancin kamfanin. Amma maigadin da magidanci ya ɗauka da kansa ya ajiye a ƙofar gidansa, ana iya kafa hujja cewa yana waje. Ke nan mutum biyu da ke aiki iri ɗaya a layi ɗaya suna iya bambanta a matsayinsu na shari'a, saboda bambancin wanda ke biyan su.

4.0 Lissafin Bakin Ƙofa

A ɗauki misalin ƙofa guda da ake tsaro dare da rana, wadda kamfani ya ba masu gadi biyu. Na farko yana hawa da ƙarfe 6 na safe ya sauka 6 na yamma, na biyu ya karɓa har wayewar gari. Idan aka raba sa'o'i 168 gida biyu, kowannensu yana da 84 a mako, kuma babu wanda ya sami sa'o'i 24 a jere na hutu. Wannan jadawali ya tauye hutun mako, sai dai idan ana biyan kuɗin obataim a madadinsa.

Akwai dabarar da masu gadi kan yi idan za su yi musayar dare da rana a ƙarshen mako. Mai dutin rana yakan hau ranar Lahadi da safe ya zarce har safiyar Litinin, wato sa'o'i 24 ba sauka, shi kuma abokinsa ya sami sa'o'i 24 a gida, ya dawo a matsayin mai dutin rana. A mako na gaba sai su juya. A zahiri an sami hutun yini guda, amma kowane ɗayansu sau ɗaya yake samunsa a cikin kwana 14, kuma ya saye shi ne da dutin sa'o'i 24. Matsakaicin aikinsu yana nan a 84.

To, a ce kamfanin ya kawo mutum na uku mai karɓar hutu, wanda zai riƙe duti biyu a mako a wannan ƙofa. Yanzu kowane ɗaya daga cikin biyun farko yana aikin kwana shida, sa'o'i 12 kowace rana, jimilla 72, yana kuma hutun yini guda. Idan takardar aikinsu ta ambaci sa'o'i 12, kuma ana ba su lokacin cin abinci, to babu wani abu a sashe na 13 da wannan jadawali ya saɓa wa. A nan ne rashin iyakar mako yake bayyana.

Ana iya ganin tasirinsa a kan albashi. Tun daga watan Yuli na 2024 mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 70,000 ne a wata. Mai aikin sa'o'i 40 a mako yana yin kimanin sa'o'i 173 a wata, don haka sa'arsa ɗaya ta tashi a kan kusan Naira 404. Mai sa'o'i 72 yana yin 312 a wata, sa'arsa ta faɗo zuwa kusan Naira 224. Mai 84 kuwa yana yin 364, sa'arsa kusan Naira 192 ce kawai. Dukkansu uku an biya su mafi ƙarancin albashi, amma na ƙarshen yana sayar da lokacinsa a ƙasa da rabin farashin na farko.

Lissafin yana kuma nuna yawan mutanen da ƙofa guda take bukata. Mutum uku masu raba aiki daidai za su yi sa'o'i 56 kowannensu, mutum huɗu kuma 42. Idan ana son a tsaya a kan 40, ana bukatar fiye da mutum huɗu, tun kafin a sa hutun shekara da rashin lafiya a lissafi. Saboda haka hanya mafi sauƙi ta gane ko ana tauye masu gadi ita ce a ƙirga ƙofofin da ake tsaro dare da rana, a kwatanta da yawan sunayen da ke cikin rosta. Duk inda aka sami ƙasa da mutum uku a kowace ƙofa, matsakaicin aikin ya haura sa'o'i 56.

4.1 Hutun Wanda Yake Shi Kaɗai

Tambaya ta gaba ita ce yadda maigadin da ba shi da abokin aiki zai sami hutun tsakiyar aiki, alhali ba zai iya barin ƙofa ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta fuskanci wannan tambaya a 2011, a ƙarar da wani maigadi mai suna Hughes ya shigar a kan kamfanin tsaron da yake wa aiki. Dokar can ta ba mai aikin da ya wuce sa'o'i 6 hutun minti 20 ba katsewa, amma ta ware masu gadi da wasu rukunai, ta ce a ba su hutun ramuwa wanda ya yi daidai da shi. Shi Hughes an yarda ya bar teburinsa ya je ɗakin cin abinci, da sharaɗin ana iya kiran sa a kowane lokaci, kuma idan aka katse shi yana da damar sake fara hutun daga farko. Kotu ta yanke cewa wannan ba shi ne cikakken hutun da dokar ta siffanta ba, tun da yana cikin jiran kira, amma ya isa ya zama ramuwa, musamman saboda damar sake farawa.

Hukuncin ba ya ɗaure kotunan Nijeriya, amma yana haska wani abu a sashe na 13. Dokar Nijeriya ma ta san bambancin cikakken hutu da abin da ake bayarwa a madadinsa, sai dai ba ta ce madadin ya yi daidai da na asali ba. Lokacin cin abinci yana iya zama minti goma da kwano a cinya, ido a kan ƙofa. Mai tsara takardar aiki da ke son adalci yana iya aro ma'aunin nan guda biyu, wato a faɗi tsawon lokacin a rubuce, a kuma yarda a sake shi idan aka katse.

5.0 Jadawalin Ɗakin Jinya

A asibiti an fi raba yini gida uku, kuma kason ba ya zama daidai. A ɗauki misalin ɗakin da dutin safe ke farawa 8 ya ƙare 2 na rana, na yamma daga 2 zuwa 9 na dare, na dare kuma daga 9 zuwa 8 na safe. Tsawonsu sa'o'i 6 da 7 da 11 ke nan. Matsala takan fito ta wurare biyu.

Wuri na farko shi ne jera dare. A wasu asibitoci nas takan yi dare bakwai a jere, sannan a ba ta kwanaki ta huta. Dare bakwai sa'o'i 77 ne a mako guda, kuma tsakanin kowane dare da na gaba sa'o'i 13 ne kawai, waɗanda a cikinsu za ta yi tafiya gida da hidimar iyali da barcin rana. Idan aka bi shi da hutun kwana bakwai, matsakaicin makonni biyun ya zama sa'o'i 38 da rabi, wanda a takarda ba shi da laifi. Ko da sashe na 13 ya shafe ta, jadawalin zai wuce, domin an rama hutun mako cikin kwana 14. Amma matsakaici ba ya nuna halin da mutum yake ciki a dare na shida da na bakwai, lokacin da bashin barci ya taru.

Wuri na biyu shi ne saurin dawowa. Nas ɗin da ta tashi dutin yamma ƙarfe 9 na dare, rosta kuma ta sa ta dutin safe washegari, tazarar sa'o'i 11 take da ita. Miƙa majinyata ga mai karɓa, gado bayan gado, da ƙirga magunguna da rubuta rahoto, yakan ci rabin sa'a, sai tazarar ta koma goma da rabi. Idan mai karɓar ba ta zo ba kuwa, ba a barin majinyata, sai wadda ke kai ta zarce.

Illar wannan ba ta tsaya a kan ma'aikaciyar ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2004, wanda ya bi diddigin aikin ma'aikatan jinya 393, ya gano cewa yiwuwar yin kuskure ta ninka kusan sau uku idan duti ya kai sa'o'i 12 da rabi ko fiye. Kuskuren da ake magana a kai ya haɗa da ba da maganin da ba shi ba, ko a adadin da ba daidai ba, ko a lokacin da ba nasa ba. Wannan ne ya sa ƙa'idar lokacin aikin jinya take cikin matakan kare majinyaci.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi wa wannan fanni tanadi na musamman a 1977, a Shawara mai lamba 157. Ta ce yinin aikin nas, har da obataim, kada ya wuce sa'o'i 12, a bar aƙalla sa'o'i 12 tsakanin duti da duti, kuma hutun mako kada ya gaza sa'o'i 36 a jere, tare da ƙoƙarin kai shi 48. Shawara ba ta da ƙarfin tilasci a kan kowace ƙasa. Duk da haka tana da amfani a Nijeriya, domin gyaran da aka yi wa tsarin mulki a 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙorafin rashin adalci a wurin aiki da kuma duba kyawawan ƙa'idojin ƙwadago na duniya, a sashe na 254C. Ta wannan ƙofa ce nas ɗin da Dokar Ƙwadago ta bari a waje za ta iya kawo irin wannan ma'auni gaban alƙali.

6.0 Yadda Maƙwabta Suka Yi

Dokar Ƙwadago ta Gana ta 2003 ta bi wata hanya daban. Ta tsayar da sa'o'i 8 a yini ko 40 a mako. Da ta zo kan masu aikin karɓa-karɓa, ta yarda a wuce wannan a wasu ranaku, da sharaɗin akwai tsayayyen jadawali, kuma matsakaicin da aka lissafa a cikin mako huɗu ko ƙasa da haka bai wuce iyakar ba. Ta kuma wajabta hutun sa'o'i 12 a jere tsakanin yinin aiki da na gaba, da hutun mako na sa'o'i 48. Hutun tsakiyar aiki a can minti 30 ne ga mai aiki a jere, wato ya gaza na Nijeriya, amma ana lissafa shi a cikin lokacin aiki.

Idan aka ɗora misalan da suka gabata a kan wannan doka, sakamakon yana canzawa. Jadawalin maigadi na sa'o'i 72 ba zai zama aikin yau da kullum ba, domin sa'o'i 32 daga ciki sun haura iyaka, kuma hutun yini guda bai kai 48 ba. Saurin dawowar nas bayan sa'o'i 11 ma ya faɗi, saboda ya gaza 12.

Sa iyaka a doka kaɗai ba ya warware matsalar masu gadi, kamar yadda Nijar da Kamaru suka nuna. Dukkansu sun tsayar da sa'o'i 40 a mako, amma sun gaji wata ƙa'ida daga dokar Faransa wadda ke cewa aikin da ke da zaman jira a cikinsa ana iya tsawaita shi a ɗauke shi daidai da 40. A Kamaru an tsayar wa masu gadi sa'o'i 56, a Nijar kuwa an yarda su kai 72. Hujjar ita ce maigadi ba kowane lokaci yake motsi ba. Sai dai zaman jira a bakin ƙofa da ƙarfe uku na dare ba ya ba mutum barci, ba ya kuma mayar da shi cikin iyalinsa, kuma waɗannan su ne abin da ake tanadar hutu dominsu.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ya yi bayani mai kyau a kan ma'anar hutun tsakiyar aiki, ya kuma tabbatar da hutun mako, amma ya bar yawan sa'o'i a hannun yarjejeniya tsakanin ɓangarori biyu da ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Mai neman aikin gadi ba ya cikin halin da zai yi ciniki a kan sa'o'i 12, nas kuwa ma'anar kalmar ma'aikaci ta ture ta gefe. Gyaran da nazarin ya nuna bukatarsa guda uku ne: a sa iyakar mako da za a riƙa lissafawa a matsakaicin 'yan makonni, a wajabta tazarar da ba ta gaza sa'o'i 12 ba tsakanin duti da duti, a kuma faɗaɗa ma'anar ma'aikaci ta rufe ƙwararru da masu gadin gidaje. Kafin a kai ga haka, abin da ke hannun ƙungiyoyin ma'aikata da shugabannin asibitoci da kamfanonin tsaro shi ne su rubuta waɗannan ƙa'idoji a cikin takardar ɗaukar aiki da rosta, tun da dokar kanta ta ce abin da aka yi yarjejeniya a kansa shi ne sa'o'in aiki.